Yadda Muka Gayyato Mai Gabatar da Shirin Noma Zuwa Argungu, Muka Tsayar da Lokaci da Tsawon Hira

A ƙarshen shekarar 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur da aka yi a watan Mayu, ƙungiyarmu ta manoman shinkafa da ke bakin fadamar Argungu ta yanke shawarar kai wata magana gidan rediyo. Kuɗin man da injin ban ruwa yake sha ya tashi ƙwarai, har wasu manoma sun fara tunanin haƙura da noman rani a wannan shekarar, alhali a cikinmu akwai waɗanda suka gwada dabarun rage shan mai kuma suka ga amfaninsu: daidaita fangali domin ruwa ya bazu ba tare da ya taru a gefe guda ba, ba da ruwa da sassafe ko da yamma, da haɗa maƙwabta biyu ko uku a kan inji ɗaya. Shugabanmu, dattijon da kowa yake kira Baba Alhaji, shi ya fi kowa sanin waɗannan abubuwa, kuma ni da nake magatakarda aka ɗora wa nauyin nemo wanda zai yi hira da shi.

Abu na farko da na tsayar shi ne shirin da ya dace da mu. A Birnin Kebbi akwai gidan rediyon jiha, akwai Equity FM ta Rediyon Najeriya, akwai kuma tashoshi masu zaman kansu, kuma kowace tana da masu sauraronta. Na tambayi 'yan ƙungiya shirin da suke kunnawa idan sun dawo daga fadama, sai mafi yawansu suka ambaci wani shirin noma na rabin awa da wata mata take gabatarwa sau ɗaya a mako, bayan sallar isha'i. Wannan amsa ta rage mini aiki sosai, domin gayyatar da aka aika wa gidan rediyo a dunƙule, ba tare da an ambaci shiri ko mai shiri ba, tana iya yin makonni tana yawo daga wannan tebur zuwa wancan.

Na sami lambarta ta hannun wani malamin gona, na fara tura gajeren saƙo na gabatar da kaina da ƙungiyarmu, na kuma nemi ta faɗa mini lokacin da zan iya kira. Ban kira kai tsaye ba saboda mai aikin rediyo yana iya kasancewa a ɗakin watsa shiri a kowace sa'a, wayarsa kuma a kashe ko a hannun wani. Da muka yi magana, bayan gaisuwa, tambayarta ta farko ita ce: "Malam Magatakarda, hira kuke so in yi da ku a matsayin baƙin shirina, ko fili kuke so ku saya?"

Duk wanda zai gayyaci ɗan jarida ya kamata ya san amsar wannan tambaya kafin ya ɗaga waya, domin hanyoyi ne biyu da ba su haɗu ba. Idan fili ka saya, sashen kasuwanci na tashar za ka nufa, a ba ka takardar farashi, ka biya, a ba ka rasidi, sannan a shaida wa masu sauraro cewa kai ne ka ɗauki nauyin shirin. A nan kana da ta cewa a kan abin da za a faɗa da kuma tsawonsa. Idan kuwa baƙo ne kai, ba ka biyan kuɗin fili, amma tambayoyi da tacewa da zaɓen abin da zai fita duk suna hannun mai shiri. Ta ƙara mini da cewa ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ɗan jarida neman lada ko karɓar na goro domin ya fitar da labari ko ya danne shi, saboda haka kada ƙungiya ta shirya mata ambulan. Mun zaɓi zama baƙi, kuma a ganina zaɓin ya yi daidai, domin manomi ya fi ba da gaskiya ga maganar da ya ji an yi wa mai ita tambayoyi masu tsauri fiye da wadda ya san an biya kuɗi an karanto.

Maganar waya ba ta wadatar ba. Ta ce ita ma'aikaciya ce, ba za ta ɗauki rikoda ta bar Birnin Kebbi a ranar aiki ba sai da izinin shugabanta, don haka sai na rubuta wasiƙa zuwa ga babban manajan tashar, ta hannun shugaban sashen shirye-shirye, na kuma ba ta kwafi. Amma kafin in rubuta sai da muka zauna a ofishinsu muka warware maganar lokaci, kuma a wannan zama ne na fahimci cewa lokuta uku ne daban-daban ake tsayarwa: tsawon abin da zai fita a rediyo, tsawon abin da za a naɗa, da tsawon zaman da baƙuwa za ta yi a wurinmu. Yawancin saɓanin da ake samu tsakanin masu gayyata da 'yan jarida daga cakuɗa waɗannan ukun yake tasowa, inda mai gayyata zai ji an ce rabin awa, ya ɗauka cewa bakinsa ne zai yi rabin awa yana magana a rediyo.

Ta ɗauki biro ta yi mini lissafin shirinta a bayan wata takarda. Daga minti 30 ɗin, taken shiri da gaisuwa da gabatar da baƙo suna cin minti 2. Tallace-tallace da sanarwa a tsakiya suna cin minti 3. Taƙaitawa da sallama a ƙarshe suna cin wasu minti 2. Abin da ya rage minti 23 ne, kuma a cikinsu tambayoyinta da 'yan ƙarin bayanin da take yi tsakanin amsoshi za su ɗauki kimanin minti 5. Ke nan muryar Baba Alhaji za ta samu minti 18, idan an raba su a kan tambayoyi shida kowace amsa ta tashi da minti 3. Na dubi takardar na tuna jerin abubuwa goma sha ɗaya da aka ba ni a taron ƙungiya, waɗanda suka haɗa da taki da bashi da hanya da farashin buhu, na ga a fili cewa ba za su shiga ba. Da na koma gida na nuna wa shugabanni wannan lissafi, da kansu suka yarda a tsaya a kan ban ruwa kaɗai, sauran a bar su sai wani jiƙon.

Daga nan muka shiga tsawon naɗi. Ni na so a ce a bar rikoda a kunne har sai Baba ya gama duk abin da yake bakinsa, daga baya ta zaɓi mai kyau. Ta nuna mini dalilin da ya sa hakan ba zai yiwu ba. Duk mintin da aka naɗa sai ta zauna ta saurare shi, ta yi alama, ta yanke, ta haɗa, ta sake saurare, kuma a cewarta naɗin minti 40 yana cin mata kusan awa biyu a gaban kwamfuta, kwamfutar da ba ita kaɗai take amfani da ita ba. Idan aka naɗa awa biyu domin a fitar da minti 23, kashi huɗu cikin biyar na maganar za a zubar, kuma a irin wannan yanka ne ake raba magana da dalilinta, mai ita ya ji ta a rediyo ya ce ba haka ya faɗa ba. Idan kuma aka naɗa minti 23 cif, babu abin da za a cike gurbi da shi idan tari ya shiga, ko babur ya wuce, ko an maimaita amsa. Muka tsaya a kan minti 40, da sharaɗin cewa idan an kai minti 35 zan ɗaga mata hannu daga inda nake zaune domin ta yi tambayar ƙarshe.

Ta kuma nemi ƙarin minti 10 a fadama bayan an gama hirar, ba domin magana ba, sai domin ta naɗi ƙarar inji da zubar ruwa a fangali, waɗanda za ta shimfiɗa a ƙarƙashin gabatarwarta. Da aka haɗa gaisuwa, da gwajin murya, da tafiya fadama da dawowa, da ɗan abin taɓawa, zaman gaba ɗaya ya tashi awa biyu.

Tsayar da rana da sa'a shi ya fi ɗaukar mu lokaci, domin kowane ɓangare yana da abin da ya ɗaure shi. A wajenmu, dole shirin ya fita kafin jama'a su yi nisa da dashe, tunda shawarar daidaita fangali ba ta da amfani ga wanda ya riga ya dasa shinkafarsa. Irin da aka yafa a wurin reno yakan isa dashe cikin mako uku zuwa huɗu, ko da yake sanyin hunturu yana jinkirta shi. A wajenta, shirin yana fita ranar Alhamis, kuma dole ta gama tace shi ta miƙa ranar Laraba da rana, saboda haka naɗin da ya wuce Litinin ba zai shiga wannan makon ba. Juma'a mun cire ta tun farko saboda masallaci. Da safe Baba yana fadama har wajen ƙarfe goma, ita kuma tana da aiki a tasha har ƙarfe tara, sannan tafiya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tana cin kusan awa guda. Na kawo shawarar bayan la'asar, ta ce tana so ta koma gida da sauran haske, kuma ta roƙe ni kada in rubuta "bayan la'asar" ko "da hantsi" a wasiƙa, domin wani ƙarfe huɗu da kwata zai fahimta, wani kuma biyar da rabi. Muka rubuta da alƙaluma: isowa 10:30, fara naɗi 11:00, gamawa 11:40, fadama daga 11:50, tashi 12:30, kafin a fara kiran azahar a lasifikokin unguwa.

Akwai abu guda da ita ta kawo wanda daga baya ya cece mu. Ta ce a tsayar da rana ta biyu tun yanzu, domin ɗan jarida ba shi da cikakken iko da ranarsa, ana iya tashinsa da safe a tura shi wani taro ko wani abin da ya faru cikin dare. Muka sa Litinin a matsayin rana ta farko, Talata a matsayin madadi a sa'o'i iri ɗaya, ta kuma ce idan ta kai ga Talatar za ta kwana a kan aikin tacewa domin kada shirin ya tsallake mako.

Wasiƙar da na rubuta ba ta wuce shafi ɗaya ba. Bayan gaisuwa da gabatar da ƙungiya, zuciyarta ita ce wannan: "Muna neman izinin ranka ya daɗe domin mai gabatar da shirin noma ta zo Argungu ranar Litinin da ƙarfe 10:30 na safe, ta yi hira da shugabanmu a kan hanyoyin rage kuɗin ban ruwa a noman rani. Za a naɗi hirar tsawon minti 40, domin amfani a shirin ranar Alhamis na wannan mako. Idan wani uzuri ya taso, mun amince da ranar Talata a wannan lokaci. Ƙungiya za ta turo mota ta ɗauko ta, ta kuma mayar da ita." Maganar mota na sa ta a rubuce da gangan, domin shugabanninta su san abin da muka ɗauka da iyakarsa, kada ya zama wani abu da aka yi a ɓoye. Na kai wasiƙar da hannuna, sakataren ofis ya buga hatimin karɓa a kan kwafina, na rubuta lambar wayata a ƙasa.

Kafin ranar, na nemi ta turo mini tambayoyin. Ta ce za ta ba ni batutuwa shida da za ta taɓo, amma ba za ta ba ni kalmomin tambayoyin ba, domin wanda ya haddace amsa ana jin hadda a muryarsa, kuma tana so ta riƙe damar bin diddigin duk abin da ya faɗa. Ban yi jayayya ba. Abin da na nema, ta kuma amince, shi ne idan ta zo tacewa ta ci karo da wani adadi da take shakka, kamar yawan litar mai ko faɗin gona, ta kira ni mu tabbatar kafin ya fita. Ta faɗa mini a fili cewa ba za ta turo mana shirin mu saurara mu amince kafin a watsa ba. Ta kuma gargaɗe ni cewa duk abin da Baba ba ya so ya fita, ya faɗa kafin ya furta shi domin ta tsayar da rikoda, kada ya bari sai an gama ya ce a cire. Na zauna da Baba na bi batutuwan shida da shi ɗaya bayan ɗaya, ina duba agogo, har ya saba da yadda minti uku suke a baki.

Ranar Lahadi da yamma na kira domin tabbatarwa, ta ce komai yana nan. Litinin da sassafe sai ga kiranta, an tura ta wani taro a cikin gari. Da yake kowa ya san da Talata tun farko, saƙo ɗaya na tura wa direba da Baba, babu wanda ya ji an wulaƙanta shi.

Wurin naɗi ma sai da aka yi shawara a kansa. 'Yan ƙungiya sun so a yi a bakin gona domin baƙuwa ta ga aiki da idonta, amma iskar hunturu idan ta bugi makirfo sai ta rufe murya da wani irin gurnani da ba ya gyaruwa, ko da an sa masa soso, ga kuma injuna ta kowane gefe. Ofishin ƙungiya kuwa ɗakin siminti ne babu komai a ciki, murya tana amsa-kuwwa. Da ta iso ranar Talata ta shiga ta tafa hannu sau ɗaya, ta saurara, ta girgiza kai. Muka koma ɗakin baƙin Baba, inda akwai darduma da labule da kujerun katifa masu shanye amo. Ta sa aka kashe fanka, aka tattara wayoyi aka kashe su gaba ɗaya, domin wayar da aka rufe wa murya kawai tana iya sa rikoda ta yi ƙara idan kira ya shigo. Na roƙi mai injin niƙa na maƙwabta ya dakata har ƙarfe goma sha biyu, na kuma tsayar da wani yaro a ƙofar gida yana tare masu sallama.

Mutane sun taru a zaure fiye da yadda aka tsara, kowa da abin da yake so ya faɗa wa gwamnati. Rabin awar da muka ware tsakanin isowa da fara naɗi a nan ta yi amfani, domin ta gaisa da kowa a tsanake, ta saurari wasu, ta rubuta batutuwansu a littafinta, sannan na yi musu bayani cewa yau murya ɗaya aka yi alkawari. Ta zauna kusa da Baba, ta riƙe makirfo kimanin taƙi ɗaya daga bakinsa, ta sa abin sauraro a kunne, ta ce: "Baba, faɗa mini abin da ka karya da shi yau, in ji ƙarfin muryarka." Ya ce: "Ɗiyata, kunu ne da ƙosai." Ta ɗan rage wani maɓalli, ta sake saurare, sannan ta nemi ya faɗi sunansa da matsayinsa da kuma cewa ya yarda a watsa hirar, ta fara daidai ƙarfe 11:00.

A tambaya ta uku Baba ya shiga tarihin ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, kuma maganar ta taɓa shi har muryarsa ta canza. Na ga agogo yana tafiya, amsar ta haura minti shida. Ba ta katse shi ba. Ta jira ya ja numfashi, ta ce: "Allah ya kiyaye gaba, Baba. To wanda ya yi waccan asara, yau kuma ga tsadar mai, da me zai fara kafin ya kunna inji?" Da wannan ta dawo da shi kan fangali, kuma a nan ne ya yi bayanin da ya fi kowane kyau, cewa manomi ya saki ruwa kaɗan a fangalin da bai dasa ba, ya tsaya ya ga inda ruwan ya kwanta da inda ƙasa ta tsaya a bushe, ya ja ƙasar tudun zuwa kwarin da fartanya kafin ya kawo dashe. Ta kuma yi masa tambayar da ba mu zata ba, a kan rigimar da take tashi idan maƙwabta sun haɗa inji ɗaya kuma ya lalace, wa zai biya gyara. Ya amsa da abin da ake yi a ƙungiyarmu, cewa ana raba kuɗin gyara bisa yawan fangalin kowa, kuma ana faɗar haka a gaban shaidu tun ranar da aka haɗa. Da minti 35 suka cika na ɗaga hannu, ta gyaɗa kai, ta yi tambayar ƙarshe. Kafin kowa ya tashi ta mayar da naɗin baya ta saurari farko da tsakiya da ƙarshe, domin idan akwai matsala gara a gane ta Baba yana zaune, da a gane ta an koma Birnin Kebbi.

Ranar Laraba da safe ta kira ni a kan adadi guda. A wuri ɗaya Baba ya faɗi man da yake sha a kadada, a wani wurin kuma ya faɗi wani adadi yana nufin eka, alhali kadada ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, wanda zai iya rikita mai sauraro. Na tabbatar da abin da yake nufi daga bakinsa, ta bar na kadadar, ta ƙara jimla guda ta bayani da muryarta. Shirin ya fita ranar Alhamis a lokacinsa. Labarin ambaliya an rage shi zuwa kusan minti ɗaya, bayanin fangali kuwa ya fita gaba ɗayansa, kuma da yake Baba ya san lissafin minti 18 tun farko, bai yi ƙorafin abin da aka yanke ba. Washegari ta turo mini kwafin shirin ta WhatsApp, bayan ta nemi izinin shugabanta, da sharaɗin mu raba shi yadda yake ba tare da mun yanke ko mun cire sunan tashar ba.

Na rubuta wasiƙar godiya zuwa ga manajan, na ambaci ranar da shirin ya fita. A amsar da ta biyo baya, mai gabatarwar ta ba mu shawarar zuwa shirin kai-tsaye na awa guda wanda masu sauraro suke bugo waya, domin a taɓo batun taki da bashi da aka ajiye. Sharuɗɗan wannan daban ne: mu ne za mu je tasha, dole baƙo ya iso minti 30 kafin a buɗe makirfo, babu tacewa, babu ranar madadi, kuma ba za a karɓi fiye da mutum biyu a ɗakin ba. Ƙungiya ta sa maganar a ajandar taronta na gaba domin a zaɓi mutum biyun da za su iya amsa tambayar mai kira cikin minti biyu.